Farashin haɗa wutar sola a kantin magani na Unguwar Rimi

Litinin, 13 ga Oktoba, 2025

Assalamu alaikum Hajiya Binta,

Ranki ya daɗe, da fatan kin wayi gari lafiya, ya iyali, ya kasuwa? Allah ya ƙara buɗi. Na gode da karɓar da aka yi mana ranar Alhamis, 9 ga wata, lokacin da muka zo auna kantin ni da yarona. A miƙa godiyata ga Malam Nura, shi ya riƙe mana tsani har muka sauko daga kan rufi.

Ga lissafin da na yi miki alkawari. Aikin gaba ɗaya, kaya da kuɗin aiki, ya kama naira 5,750,000, kuma wannan farashi yana nan har zuwa ranar Litinin, 27 ga Oktoba, 2025. Bayanin yadda aka kai ga wannan adadi yana ƙasa.

Abin da muka tarar a kantin

Mun ƙirga firji 2 na magani, fanka 4, ƙwan lantarki 12 a ciki da 2 na tsaro a waje, kwamfuta da firinta, talabijin ɗaya, sai esi ɗaya a ofishinki. Tun da ana buɗewa ƙarfe 9 na safe a rufe 10 na dare, kantin yana shan wuta kamar yunit 11 zuwa 12 a yini idan ba a kunna esi ba, irin yunit ɗin da kike saya a mita nake nufi. In aka kunna esin na awa 4 da rana, zai kai kusan 16.

A kan firjin nan biyu na ɗora duk lissafina. Kin fi ni sanin cewa insulin da allurai suna son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma kin gaya mini asarar da kika yi a watan Afrilu da janareta ya tsaya cikin dare ba wanda ya sani sai da safe. Fanka in ta tsaya, zafi ne kawai za a ji a yi haƙuri. Firji in ya tsaya, jari ne ya tafi. Saboda haka za mu ware wa firjin layinsu na daban, mu saita inbata ta yadda in batir ya yi ƙasa sosai za ta yanke sauran kaya ta bar su su kaɗai.

Kayan da za mu kawo da farashinsu

Farantan sola masu wat 550, guda 8, kowanne 135,000: naira 1,080,000
Inbata mai kilowat 5, bolt 48, da na'urar caji a cikinta: naira 950,000
Batirin litiyam mai ɗaukar yunit 5, guda 2, kowanne 1,450,000: naira 2,900,000
Ƙarafan ɗora faranti da ƙusoshi da abin toshe yoyo: naira 220,000
Wayoyi, burika, cenjoba, abin kare tsawa da sandar ƙasa: naira 340,000
Kuɗin aiki da ɗauko kaya: naira 260,000

Jimilla: naira 5,750,000.

Farantan 8 sun tashi wat 4,400. A rana mai kyau za su ba da kamar yunit 16 bayan an cire abin da ke zubewa a waya da zafi, wato daidai da buƙatar kantin har da esi. Amma ba kullum ake samun haka ba, kuma gara ki ji daga bakina tun yanzu. A watan Agusta, in hadari ya rufe Kaduna kwana biyu ko uku a jere, abin zai iya sauka zuwa 12 ko ƙasa da haka. A hunturu kuma ƙura ce matsalar: hazo yana tare rana, ƙurar kuma tana kwanciya a kan gilashin. A irin waɗannan ranaku sai a haƙura da esi, ko a bar shi sai an kawo wuta. Kada ki sayar da janaretan nan, a yi masa sabis a ajiye shi.

Rufin kantin yana da ɓangaren da ke kallon kudu, can za mu jera farantan, domin mu nan arewa da tsakiyar duniya muke, kuma a watannin sanyi rana ta kudu take karkata. Za mu ɗan jingina su yadda ruwan sama zai riƙa wanke su da damina. Bishiyar darbejiyar da ke bayan kanti tana jefa inuwa daga wajen ƙarfe 3 na yamma. Reshe biyu kawai za a sare, amma tun da a gidan maƙwabci take, ina ganin ke ya fi dacewa ki yi masa magana.

Maganar batir

Na san nan ne kuɗin ya yi nauyi, kuma kin ce wani ya ba ki farashin da bai kai wannan ba da batirin ruwa. Gaskiya ne ya fi araha a ranar saye. Sai dai batirin ruwa ba ya son a sauke shi ƙasa da rabi, yana buƙatar a riƙa duba ruwansa ana ƙarawa, kuma yana fitar da iskar da ba a so a rufaffen ɗaki. Sitonki ba taga, ga magani a jibge. Ni dai ba zan saka shi a wurin ba. Na litiyam ana rataye shi a bango, ba ruwansa da ƙarin ruwa, ana iya cin kaso 80 cikin ɗari na cajinsa kullum, kuma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba.

Daga magariba zuwa hantsi kantin yana cin kamar yunit 5. Da batir biyu kenan za a wayi gari da saura kusan rabi, wanda shi ne zai rufa asiri in an tashi da hadari. In kuɗin ya yi yawa a yanzu, ana iya farawa da batir ɗaya, jimillar ta dawo naira 4,300,000. Zai yi aiki, amma zai riƙa kaiwa safiya da ƙyar, kuma dole a rage fanka da talabijin bayan isha'i. Za mu bar wuri da waya don ƙara na biyun. In za a ƙara, a yi cikin wata shida, domin haɗa sabon batir da wanda ya sha aiki ba ya daɗi. Shawarata dai biyun, saboda firji.

Kin ce man janareta yana cin miki kamar naira 9,000 a yini, wato 270,000 a wata. In aka raba 5,750,000 da wannan, wata 21 da 'yan kwanaki ne. Tun da janaretan zai riƙa tashi jefi-jefi, mu ce shekara biyu kuɗinki ya dawo.

Abin da ba ya cikin wannan farashi

Ba mu saka gyaran tsofaffin wayoyin cikin kanti ba. Na ga soket biyu a bayan kanta sun yi baƙi, za mu canza su kyauta, amma in muka buɗe muka ga wayar cikin bango ta lalace, za mu tsaya mu nuna miki, mu faɗi kuɗin, sai kin amince mu taɓa. Haka nan gyaran kwanon rufi in akwai mai yoyo tun asali, da sare bishiya. Mita kuwa ba ma taɓa ta, ta kamfanin wuta ce. Sannan butar lantarkin da na gani a sito, ita da dutsen guga da hita, ba a ɗora su a kan wannan layi. A ja wa yaran kanti kunne.

Garanti

Inbata shekara 2, batir shekara 5, kamar yadda yake a takardun masu kayan, kuma takardun za mu damƙa miki su da lambar kowane kaya a rubuce a rasit. Aikin hannunmu shekara 1: waya ta saki, rufi ya yi yoyo a inda muka huda, ƙarfe ya motsa, duk namu ne. A cikin shekarar za mu zo dubawa sau biyu ba tare da an biya ba, ɗaya a watan Janairu da ƙura ta yi yawa, ɗaya a farkon damina. Garantin yana faɗuwa in wani mai gyara ya buɗe inbatar ko aka ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta.

Biyan kuɗi da wa'adin farashi

Kaso 70 cikin ɗari, naira 4,025,000, kafin mu ɗauko kaya. Ragowar naira 1,725,000 sai an kunna, an kwana ɗaya a kan batir, kin gani da idonki. Lambar asusun tana jikin takardar farashin da na haɗo da wannan saƙo, kuma da sunan kamfani take. In wani ya turo miki wata lamba da sunana, kada ki tura ko sisi sai kin kira ni.

Dalilin da ya sa na tsayar da wa'adi a kwana 14 shi ne batir da inbata daga Legas ake ɗauko mana su, dilolin kuma da dala suke lissafi. Wanda nake saye a wurinsa ya yarda ya riƙe mini wannan farashi zuwa 27 ga wata. In an wuce ranar zan sake tambaya in aiko da sabo, yana iya hawa, yana iya sauka.

Abin da ya rage

In kin amince, ki amsa wannan saƙo ki ce batir biyu ko ɗaya. A ranar zan aiko da takardar yarjejeniya mai shafi biyu mu sa hannu, ko in kawo ta kanti da kaina in hakan ya fi miki sauƙi. Da zarar kuɗin farko ya shigo, kaya za su iso Kaduna cikin kwana 5 zuwa 7, kuma a gabanki ko gaban Malam Nura za a buɗe kwalayen.

Haɗawa kwana 2 ne. Ranar farko a kan rufi muke, ciniki ba zai tsaya ba. Rana ta biyu za mu yanke wutar kanti kamar awa 3 don raba layi, kuma za mu jona firjin a janareta kai tsaye a lokacin. Asabar da Lahadi nake ganin sun fi, amma ke za ki zaɓa. Kafin ranar, a kwashe kwalayen da ke jikin bangon sito na gabas, nan za mu kafa inbata da batir. In an gama zan zauna da Malam Nura na rabin awa in nuna masa karatun allon inbata da yadda ake wanke faranti da sassafe kafin gilashi ya yi zafi.

In kina son ganin irin aikin kafin ki yanke shawara, akwai wanda muka yi bara a wani ɗakin gwajin jini a Barnawa, mai wurin ya ce a zo a duba kowane lokaci. Ina shago gobe Talata har la'asar, a lambar da kika saba kirana.

Na gode, ranki ya daɗe. A gaida Alhaji.

Naki,
Injiniya Bashir
Mai haɗa wutar sola, titin Ahmadu Bello, Kaduna