Harafi Biyu

Ƙarfe takwas da rabi na dare layi ya zo kan Malam Sani a filin jirgin Malam Aminu Kano. Jirgin Jidda sha ɗaya zai tashi, kantar karɓar fasinja kuma goma ake rufe ta. Ya miƙa fasfo da tikiti, ya ɗora jaka kan sikeli.

Ma'aikaciyar ta goga fasfon a na'ura, ta tsaya tana kallon kwamfuta.

"Baba, wa ya yankar maka tikitin nan?"

"Ejan ne, 'yata. Lafiya?"

Ta ɗora yatsa kan layuka biyun nan na ƙasan shafin hoto. "Nan na'ura take karantawa. Fasfo ya ce MUHAMMAD, tikiti ya ce MOHAMMED. Harafi biyu sun saɓa."

"Ai duk ni ne! Sunan Manzon Allah ne fa."

"Sallallahu alaihi wa sallam. Na yarda kai ne, Baba. Amma tun kafin jirgi ya tashi muke aika bayanan fasinja can Saudiyya. In suka ƙi karɓar mutum, mu za a ci tara, mu kuma za mu dawo da shi."

Gumi ya keto masa. Shekara huɗu yana tara kuɗin Umarar nan.

Ta duba biza, ta ce alhamdu lillahi, ta yi daidai da fasfo. Da matsalar a can take, da tafiyar yau ta fasu. A ƙa'idar kamfaninsu ana gyara har harafi uku. Abin da ba a yi shi ne cire sunan wani a sa na wani. Sai dai tikitin da ejan ya yanka, ejan ne zai gyara.

"Kira shi yanzu. Ka karanta masa harafi shidan nan na bukin ɗin tikitinka, ka tura masa hoton shafin fasfo. Kada ya tsaya ga gyara suna kawai, sai ya sake fitar da tikitin, in ba haka ba tsohon sunan zan ci gaba da gani. Ya duba na dawowa ma."

Sai a kira na uku ejan ya ɗaga, yana ta ba da haƙuri: a waya aka faɗa masa sunan, bai nemi fasfo ba.

Goma saura kwata saƙo ya shigo, da sabuwar lambar tikiti mai alƙaluma 13. Malam Sani ya sa tabarau, ya jera waya da fasfo a kan kantar, yana bin haruffan ɗaya bayan ɗaya da farce.

"Ya yi, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

"Amin, Baba. Ka sa mu a addu'a." Ta liƙa wa jakar lamba, ta miƙo masa katin shiga jirgi. "Yi sauri, akwai layi wajen jami'an shige da fice."