Neman Sanya Matata da Jaririyarmu a Inshorar Lafiya ta Ma'aikata

Sashen Injin Casa,
Birnin Kebbi.
14 ga Oktoba, 2024.

Shugabar Ofishin Kula da Ma'aikata,
Hedikwatar Kamfani,
Birnin Kebbi.

Ranki ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da ke cewa Allah ya azurta ni da 'ya mace ranar Lahadi, 22 ga Satumba, 2024, kuma an raɗa mata suna Hauwa'u. Ina roƙon a sanya ta ita da mahaifiyarta, Maryam, a cikin inshorar lafiyar da kamfani ya yi mana.

Lokacin da aka yi mana rajista a 2021 ban yi aure ba, shi ya sa sunana kaɗai ke cikin fayil. An ɗaura aurenmu a Jega a watan Nuwamba na 2023. Tsarin NHIA ya ba ma'aikaci damar sanya mata ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, ni kuwa Maryam ce kaɗai matata, Hauwa'u ce 'yar fari.

Abin da ya sa nake neman a hanzarta shi ne, kwana uku da haihuwa idanun yarinyar suka yi ɗorawa. Likita ya ce shawara ce, aka kwantar da ita a ƙarƙashin fitila an rufe mata ido, uwar na zaune a gefe da ɗanyen jego. Alhamdu lillahi ta warware, amma kuɗin gado da gwajin jini da magani duk daga aljihuna suka fito, har sai da na taɓa abin da na tanada domin ragon suna. Ga lokacin sauro bai wuce ba, kuma kin san yadda zazzaɓin cizon sauro ke yi wa ƙananan yara a nan.

Na haɗo kwafin takardar shaidar aure, takardar haihuwar Hauwa'u ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, katin rigakafinta, takardar NIN ta Maryam, da hoton fasfo bibbiyu na kowacce. In zai yiwu, a haɗa su da ni a Asibitin Sir Yahaya, inda katina yake, domin ya fi kusa da gidanmu.

Maryam tana wanka a gidansu, sai an yi arba'in a farkon Nuwamba za ta dawo. Amma in ana buƙatar ta zo da kanta domin ɗaukar hoto ko sa hannu, a sa mini rana in je Jega in ɗauko su. Ina kuma son a sanar da ni ranar da katinsu zai fara aiki, da ko za a ƙara wani abu a kan abin da ake cira daga albashina.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

Naki mai biyayya,
Nasiru Umar Kalgo
Mai kula da injin casa