Taswirar Tafiyar Kwastoma a Wani Gidan Abinci Mai Kai Oda Gida a Kano

Aikin gida na kwas ɗin Tallata Hidima, aji uku, zango na biyu

Gidan abincin da yadda na yi aikin

Gidan abincin da na zaɓa yana kusa da titin Gidan Zu a Kano. Mai shi mace ce, zan riƙa kiranta Hajiya, tana da masu girki uku, da yarinya ɗaya mai riƙe waya, da samari biyu masu kai saƙo a kan babur. Ta yarda in yi nazari amma ta ce kada in ambaci sunan wurin. Ba ta da manhaja tata. A Instagram take talla, a WhatsApp take karɓar oda, kuɗi kuma ta transfa. Haka yawancin masu wannan sana'a da na sani suke yi a garin nan. Manyan kamfanonin ma ba su sha da daɗi ba, domin a watan Disamba na 2023 Jumia Food da Bolt Food duk suka daina aiki a Najeriya.

Na yi oda sau huɗu da kuɗina a lokuta daban-daban, na zauna a kicin ɗin wuni biyu, sannan na zanta da kwastomomi tara waɗanda Hajiya ta haɗa ni da su. Daga maganganunsu na ƙirƙiro kwastoma ɗaya da za ta wakilce su, na sa mata suna Hadiza: ma'aikaciya ce, shekararta 34, tana zaune a Hotoro da miji da yara uku, takan yi oda ranar da aiki ya riƙe ta ko baƙi suka yi mata dirar mikiya.

Tsarin da na bi ya samo asali ne daga zanen hidima da G. Lynn Shostack ta bayyana a mujallar Harvard Business Review a 1984, inda ake raba abin da kwastoma ke gani da abin da ke gudana a bayan fage. Kowane wuri da Hadiza ta yi mu'amala da gidan abincin na kira shi mahaɗa, inda ranta ya ɓaci kuma na kira shi wurin takaici. Na ba kowane mataki maki daga 1 zuwa 5 gwargwadon yadda take ji.

| Mataki | Mahaɗa | Maki |
|---|---|---|
| Gani da sha'awa | Hoto a Instagram, shaidar ƙawa | 4 |
| Yin oda | Hira a WhatsApp | 3 |
| Biya | Transfa da turo risit | 2 |
| Jira | Babu | 1 |
| Kwatance da karɓa | Kiran ɗan saƙo, ƙofar gida | 2 |
| Ci | Roba, leda, abincin kansa | 5 |
| Bayan ci | Babu, sai in ta yi ƙorafi | 3 |

Gani da yin oda

Nan babu doguwar magana. Hotunan masa da miyar taushe da na dambun shinkafa suna da kyau, kuma bakwai cikin mutum taran sun ce wata ƙawa ko 'yar'uwa ce ta fara gaya musu wurin. Tunda hidima ba abin da ake taɓawa a ɗanɗana kafin a saya ba ne, shaidar wanda aka yarda da shi ita ce tallar da ta fi aiki.

Matsala ɗaya ita ce babu farashi a jikin hotunan. Sai Hadiza ta tambaya, ta jira amsa, a gaya mata, sannan ta tambayi kuɗin kawowa, ta sake jira. Hajiya ta ce da gangan take yi, saboda farashin shinkafa da mai da gas ba ya zama wuri ɗaya, tana gudun a riƙe ta da tsohon farashi. Na fahimci uzurinta, amma a odata ta biyu saƙo goma sha ɗaya muka yi musaya kafin in san cewa faranti biyu da kuɗin kawowa naira 9,500 ne.

Biya

Da zarar an tura lambar asusu, nauyi ya koma kan kwastoma. Za ta fita daga WhatsApp, ta buɗe manhajar banki, ta tura, ta ɗauki hoton risit, ta dawo ta aika. Kicin ba ya ɗora komai a roba sai an ga alat, domin an taɓa yi musu risit na bogi. To lambar da alat ke shiga tana wayar Hajiya, wayar oda kuma tana hannun yarinya. In Hajiya ta fita cefane Kasuwar 'Yankaba, sai yarinya ta kira ta ta tambaya. A idon Hadiza an cire mata kuɗi an yi shiru. A bayan fage kuwa mutum biyu ne ke neman juna a waya. Wannan shi ne amfanin raba zanen gida biyu da Shostack ta kawo, don da a ce ɓangaren kwastoma kaɗai na duba, da na ɗora laifin a kan netwok ɗin banki, kamar yadda kowa ke yi.

Jira, inda gizo ke saƙa

A teburin da ke sama an ga na rubuta "babu" a gaban wannan mataki. Shi ne mafi tsawo a tafiyar gaba ɗaya, daga minti 40 zuwa awa ɗaya da rabi a odojin da na yi, kuma a cikinsa gidan abincin ba ya ce wa kwastoma uffan. Kalmar ƙarshe da take gani ita ce "mun gani", ta gaba kuma kiran ɗan saƙo.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne babu wanda ya yi ƙorafi a kan tsawon lokacin shi kansa. Sun san girki yana cin lokaci, sun san cunkoson Gyaɗi-Gyaɗi da yamma. Rashin sani ne ke damunsu. Wata ta ce min ta taɓa ɗora wa yara taliya bayan ta gaji da jira, tana saukewa sai ga abinci. Wata kuma ta ce in ta tambaya, amsa ɗaya ce kullum: "Yana hanya." Ni ma an gaya min haka, kuma da na zauna a kicin na ga cewa sau da yawa lokacin da ake rubuta "yana hanya" robar tana kan tebur, ana jiran oda ta biyu da ta uku masu zuwa ɓangare ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, fita da saƙo ɗaya tak ya zama asara, don haka haɗa odoji dabara ce mai kyau. Ɓoye wa kwastoma ita ce ke kawo ɓacin rai.

A ma'aunin SERVQUAL da Parasuraman da Zeithaml da Berry suka fitar a 1988 akwai fuskoki biyar na ingancin hidima: cika alkawari, saurin amsawa, sa wa kwastoma natsuwa, kulawa da shi, da abubuwan da ido ke gani. Wannan mataki ɗaya ya taɓa ukun farko. Kuma abin ya fi tsanani a watan azumi, domin kowa lokaci guda yake son abincinsa. Hajiya da kanta ta ce abincin da ya iso minti goma bayan kiran sallar magariba, komai daɗinsa, mai shi ba ya dawowa.

Kwatance da ƙofar gida

Littattafan da muke karantawa suna ɗauka kowane gida yana da lamba da sunan titi. A unguwanni da yawa na Kano kwatance ake yi: bayan masallacin Juma'a, layin mai shayi, gida na uku mai baƙin get. Yarinya mai waya tana karɓar kwatancen a rubuce, amma ɗan saƙo lambar waya kawai ake ba shi a jikin leda. Saboda haka sai ya kira Hadiza ta sake yi daga farko, yana kan babur, iska tana kwashe rabin maganar. A oda ta uku sau biyar aka kira ni. Tsohuwar kwastoma ma haka take sha kowane lokaci, domin babu inda ake ajiye kwatancen.

Sai kuma abin da ban ga an tattauna ba a misalan ƙasashen waje. Gidan matan aure ba a shiga, ɗan saƙo namiji ne, iyakarsa ƙofa. In babu yaro a gida, sai Hadiza ta nemi hijabi ta fito, ko ta roƙi almajiri ko ɗan maƙwabta. Mata uku sun ce ba sa jin daɗin lambarsu ta kasance a wayar saurayin da ba su sani ba, ɗaya ma ta ce lambar maigida take bayarwa, shi kuma yana ofis, sai kwatance ya koma ta hannun mutum uku. Jan Carlzon, wanda ya shugabanci kamfanin jiragen sama na SAS a shekarun 1980, ya yi fice da ra'ayin cewa a 'yan daƙiƙun da kwastoma ke haɗuwa da ma'aikaci ne ake yanke wa kamfani hukunci. A wannan tafiya, mutum ɗaya tilo da ake gani ido da ido shi ne ɗan saƙo, kuma shi ne wanda ba a taɓa zama da shi an koya masa komai ba. Ba na ganin laifinsa. Ana biyansa ne bisa yawan saƙo, dole ya yi gaggawa.

Ci da bayan ci

Abincin ya ci maki biyar, duk taran sun yaba. Sau ɗaya miya ta zube min a leda saboda murfin roba bai kama ba. Bayan ci babu wanda ke tuntuɓa. In an yi ƙorafi Hajiya tana ba da haƙuri sosai, har takan ƙara nama a oda ta gaba, sai dai yawancin mutanenmu kawaici suke yi, ba za su faɗa ba, za su daina saye ne kawai.

Shawarwari

Hajiya tana tunanin sayen babur na uku. A ganina wannan zai rage lokaci kaɗan amma ba zai cike shirun ba. Abin da zan fara da shi saƙonni uku ne da za a tanada a WhatsApp Business, wanda kyauta ne: ɗaya idan alat ya shigo, tare da ƙiyasin lokaci na gaskiya, ɗaya idan ɗan saƙo ya tashi da gaske, ɗaya kuma idan an samu jinkiri. A mayar da alat ɗin kasuwanci kan wayar oda, ko a buɗe asusun da yarinya za ta iya gani. A riƙa sa farashin ranar a status kowace safiya, hakan ya warware tsoron tsohon farashi.

Game da ƙofar gida, a nemi kwastoma ta turo wurinta a taswirar WhatsApp sau ɗaya, a ajiye shi da kwatancen a ƙarƙashin lambarta, a tura wa ɗan saƙo kafin ya tashi. Lokacin oda kuma a ƙara tambaya ɗaya: wa zai karɓa, kuma wace lamba za a kira? Na kai wa Hajiya waɗannan shawarwari ranar Asabar da ta wuce. Ta karɓi ta saƙonni uku da ta ajiye kwatance nan take, ta alat kuwa ta ce sai ta yi shawara da maigida.