Takardar neman a sake tsara biyan bashi

Zindar, Litinin 4 ga Nuwamba 2024

Daga Lawali Isuhu, tela, unguwar Birni

Zuwa ga Shugaban reshe, gidan ajiya da ba da bashi, Zindar

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kai da iyali da ma'aikata kuna lafiya, da fatan kuma ruwan bana bai yi muku ɓarna ba.

Na rubuto ne a kan bashin da na karɓa a gidanku a watan Janairu 2024, sefa 1,200,000, wanda na sayi keken surfani da keken ɗinki biyu da shi. Abin da na sa wa hannu shi ne in mayar da 1,440,000 cikin wata 24, sefa 60,000 kowane 10 ga wata, daga Fabrairu 2024 zuwa Janairu 2026. Yau ba ni da halin riƙe wannan tsari, kuma na ga gara in faɗa da bakina tun da sauran lokaci da in bari yaronku ya yi ta zarya zuwa ƙofar gidana. Ban zo neman a yafe mini ko dala ɗaya daga cikin bashin ba. Roƙona a sake raba abin da ya rage yadda zai dace da yadda kuɗi ke shigo mini.

In ka duba littafinku za ka ga daga Fabrairu zuwa Agusta, wata bakwai, ban taɓa wuce 10 ga wata ba, 420,000 ke nan. Biyan farko ma na yi shi ne lokacin da iyakar Najeriya ke rufe, zare ya yi tsada, kuran kuma sai tsakar dare yake zuwa. Nakan kwana a shago don in same shi, keken surfani ba ya aiki da ƙafa. A Satumba na kawo 30,000, a Oktoba 20,000. Jimillar abin da na biya 470,000. Saura 970,000, a ciki akwai 70,000 da lokacinsu ya wuce.

Ga abin da ya faru. Ruwan da ya kayar da tsohon masallacin Birni ranar 3 ga Satumba bai bar layinmu ba. Shagona ginin ƙasa ne, jikin gidanmu na gado. Tun ƙarshen Agusta bangon gabas ya jiƙe har ka danna yatsa ya shige, muna ta tokare shi da itace. Daren da ya tsage, ni da ƙanena da yara biyu muka ciro keken surfani muka ɗora a kai, ruwa har gwiwa, muka kai shi zauren maƙwabci. Muka dawo muka kwashe kekunan ɗinki. Kafin mu koma karo na uku rufin ya zauna a kan kantar da nake ajiye kayan mutane. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba, kuma kekunan nan uku, waɗanda su ne jinginarku, lafiyarsu lau, ko tsatsa ba su yi ba.

Kayan mutane ne suka tafi. Shadda goma sha ɗaya da atamfa turmi shida, wasu an riga an yanka, wasu an gama surfani ana jiran mai su. Da gari ya waye muka tono su cikin laka, jar ƙasa ta shige su har ba wankin da zai fitar. Mutum huɗu sun ce sun yafe, Allah ya saka musu. Sauran na biya su, sefa 140,000, da ɗan abin da na tara da kuɗin ragon da nake kiwatawa. Ina gaya maka wannan ne don kada ka ji a wani wuri cewa Lawali ya biya wasu ya bar ku. Haka ne, su na fara biya. Kayan amana ne, a cikinsu har da lefen wata yarinya da aka sa bikinta ƙarshen Satumba. Kuma tela in aka ce kaya sun lalace a hannunsa bai biya ba, to ba mai sake kawo masa ko ɗinkin aljihu, sannan ba abin da zai biya ku da shi.

Na yi sati uku ba wurin aiki. Sai 24 ga Satumba na samu ɗaki na haya wajen kasuwar Dole, 15,000 a wata, kuɗin da da can ba na biya. Abu na biyu da ya karya ni shi ne kayan 'yan lakwal. Duk shekara ina ɗinka wa makarantu biyu masu zaman kansu, wajen kaya 200, kuma da wannan aiki nake fita daga damina. Bana, saboda ambaliya, gwamnati ta ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba. Makaranta ɗaya da ta ji shagona ya faɗi ta ba wani aikin, ban ga laifinsu ba. Ɗayar kuma kaya 70 kawai ta nema, don iyaye da yawa sun ce yaro ya sa na bara: wanda ɗakinsa ya faɗi, ga hatsi da tsada, ba ta sabuwar riga yake ba.

Daga Fabrairu zuwa Agusta, in an cire zare da kuɗin yara, abin da ke rage mini a wata, in an daidaita, wajen 170,000 ne. A Satumba 48,000 na samu, a Oktoba 72,000. Yara huɗu nake da su a shago, na sallami biyu sai aiki ya dawo. Ina sa ran daga Nuwamba zuwa Fabrairu zan riƙa samun wajen 95,000 a wata, tunda an yi girbi kuma bukukuwa sun fara. A ciki haya 15,000, kuran 7,000, abincin gida mai mutum bakwai 45,000. Abin da ya saura 28,000. Ka ga in na ce maka zan kawo 60,000 ranar 10 ga wannan wata, ƙarya na yi, ko kuma sai na je na ci wani bashi a wani wuri don in toshe naku, wanda shi ne abin da nake gudu.

Akwai kuskuren da ni na yi tun farko, kuma shi nake so a gyara. Na yarda da biya iri ɗaya kowane wata kamar mai albashi, alhali samun tela ba haka yake ba. Mu shekararmu tana da kaka uku: azumi, gabanin babbar salla, da komawa lakwal. A azumin bana, daga tsakiyar Maris zuwa salla a Afrilu, na ɗinka abin da ya fi na Yuli da Agusta a haɗe. Keken surfani ba ya hutawa daga bayan asham har sahur. Da damina kuwa sai ka wuni kana gyaran zip. Lokacin da nake da ajiya, rarar watan salla ce ke cike giɓin damina, shi ya sa ba ku taɓa ganin bambancin ba. Yanzu ajiyar ta tafi cikin laka, dole biyan ya bi yadda aikin ke zuwa.

Bisa lissafin kalanda, in Allah ya kai mu, azumi zai kama a farkon Maris 2025, ƙaramar salla a ƙarshensa, layya a farkon Yuni. A 2026 kuma ƙaramar salla za ta faɗo cikin Maris, layya a ƙarshen Mayu. A kan haka na tsara 970,000 ɗin kamar haka:

Nuwamba 2024 zuwa Fabrairu 2025, 25,000 a wata, jimilla 100,000.
Maris 2025, 100,000.
Afrilu 2025, 50,000.
Mayu 2025, 80,000.
Yuni 2025, 70,000.
Yuli zuwa Satumba 2025, 30,000 a wata, jimilla 90,000.
Oktoba 2025, 70,000.
Nuwamba 2025 zuwa Janairu 2026, 40,000 a wata, jimilla 120,000.
Fabrairu 2026, 60,000.
Maris 2026, 100,000.
Afrilu 2026, 50,000.
Mayu 2026, 80,000.

Ya kama 970,000 cif, har da 70,000 da suka makara. Wata huɗu kawai aka ƙara a kan wa'adin farko. Adadin watannin salla ban sa su don in burge ka ba, na sa su ne ƙasa da abin da littafina ya nuna na samu a irin watannin nan bana. In Allah ya buɗa fiye da haka, ina so a ba ni damar ƙarawa a kai ba tare da wata tara ba, don a gama da wuri.

Ina kuma roƙon a mayar da ranar biya daga 10 ga wata zuwa ranar ƙarshe ta wata. Masu albashi su ne rabin masu kawo mini ɗinki, kuma kayansu sai ƙarshen wata suke karɓa. Tarar jinkiri ta Satumba da Oktoba, ina roƙon a ɗage mini ita, tunda ba sakaci ba ne, kuma ko a watannin nan biyu ban zo hannu wofi ba. Game da wata huɗun da aka ƙara, in ƙa'idarku ta ce sai an ɗora wani abu a kansu, a rubuta mini adadin a takarda in gani kafin in sa hannu, a kuma zuba shi a watannin salla, kada a ɗora a kan na sanyi ko na damina.

Jingina tana nan yadda take. Resin kekunan yana hannunku, kekunan kuma suna sabon shago, duk ranar da ka turo a duba za a same ni daga ƙarfe takwas na safe. Yayana Alhaji Habu, wanda ya tsaya mini, ya san da wannan takarda, na karanta masa, ya ce zai zo ya sake sa hannu in an buƙata. Ina roƙon arziki kada a tuntuɓe shi da neman biya kafin a ba ni amsa. Shi ma ɗakuna biyu suka faɗi a gidansa.

Tare da wannan takarda na haɗo kofin resin biya tara da na yi, da takardar shaidar mai unguwa kan faɗuwar shagon, da hotunansa huɗu, da yarjejeniyar hayar sabon ɗaki, da kofin littafin shagona daga Fabrairu zuwa Oktoba. Rubutun hannuna ne, amma duk ɗinkin da ya shiga yana ciki da ranarsa.

Ranar Juma'a 8 ga wata da safe zan zo da kaina da 25,000 na Nuwamba, ko an amsa ko ba a kai ga amsawa ba. In akwai adadin da ka ga bai yi ba, ka nuna mini mu zauna a kansa a ranar.

Allah ya ƙara girma, ya sa a gama lafiya. Wassalam.

Lawali Isuhu
Tela, unguwar Birni, Zindar