Tsarin gyaran bahasina kan zaman mutanenmu a Sudan

Madina, daren Talata, 28 ga Rajab

Yaya, ga tsarin da ka ce in rubuta kafin in sake taɓa bahasin. Na rubuta shi don kaina, amma ina so ka duba shi da idon wanda ya riga ni shiga wannan ruwa.

Dakta ya ba ni 68 cikin 100, ya kuma ba ni dama in mayar da gyararre ranar 20 ga Sha'aban. A shafin ƙarshe ya rubuta da Larabci abin da ma'anarsa ita ce: bahasin siffantawa ne kawai, an tara bayanai masu kyau amma babu naƙadi, kuma ba a ga ra'ayin mai bahasi ba. A gefen shafi na 9 ya ja layi ya rubuta kalma ɗaya, "don me?" Ya sake rubuta ta a shafi na 14 da na 17.

Ranar da na karɓa abin ya yi mini ciwo, domin tarihin kakannina ne na rubuta, kuma wata biyu na yi a kansa. Shekaranjiya na zauna bayan sallar asuba na bi sakin layi ɗaya bayan ɗaya da alƙalami kala uku. Shafi 22, sakin layi 61. A cikinsu 49 labari ne tsantsa: wane ya tashi, ya sauka wuri kaza, shekara kaza. Takwas na kawo maganar wani marubuci na wuce ban ce mata uffan ba. Huɗu ne kacal nake magana da bakina, uku daga ciki kuma a hatima suke. Dakta ya yi gaskiya.

Na gano inda cutar take. Bahasin ba shi da tambaya. Na sa masa suna "Hijirar mutanen Afirka ta Yamma zuwa Sudan", sai na bi shekaru a jere: faɗuwar Sakkwato a watan Maris na 1903, shahadar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli na shekarar, tafiyar ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno da jama'arsa gabas, saukarsu a bakin kogin Nilul Azraƙ kudu da garin Sinnar, sannan madatsar ruwan Sinnar a 1925 da noman auduga a yankin Jazira na Sudan. Duk wannan gaskiya ne, amma babu wanda zai yi mini musu a kai, kuma abin da ba a musu a kansa ba ya neman hujja.

Tambayar da zan ɗora gyaran a kanta ita ce: mutanen da suka baro gida da niyyar Makka, me ya zaunar da su a Sudan har jikoki da tattaɓa-kunne? Amsar da zan kare: addini ya bayyana tashinsu, amma shi kaɗai bai isa ya bayyana zamansu ba. Gona da aikin lada da buƙatar Turawan mulki ta samun hannun noma su suka riƙe ƙafarsu, niyyar hajji kuwa ba ta mutu ba, ta koma sunan da suke kiran kansu da shi. Wannan jimla za ta shiga muƙaddima, shafi na farko, kuma duk sakin layin da bai taimaka mata ba, bai kuma yi mata gardama ba, zai fita.

Fasali na farko shi zai sha wuƙa. Shafi bakwai na kashe kan hanyar hajji ta ƙasa, daga Kano zuwa Borno, Wadai, Darfur, Kordofan har Sawakin. Zan mayar da shi shafi biyu. Jerin zangon ayari zai koma taswira ɗaya. Abin da zan bari shi ne abin da tambayata take buƙata: tafiyar shekaru take ɗauka, mutum yana tsayawa ya yi damina ya tara guzuri ya ƙara gaba. Wato tsayawa a hanya ba baƙon abu ba ne tun kafin Bature.

Fasali na biyu, na hijirar 1903, a nan ne na fi yin kuskure, domin na rubuta shi kamar kowa ya yarda hijira ce wajibi a lokacin. Malaman Sakkwato kansu sun saɓa. Waziri Buhari ya zauna, ya rubuta risala yana kafa hujjar halaccin zama ƙarƙashin Nasara bisa lalura matuƙar ba su hana salla da azumi ba, kuma mafi yawan jama'a zama suka yi. Ban ambaci wannan ko sau ɗaya ba. Idan addini ɗaya ya tayar da wasu ya zaunar da wasu, to cewa "addini ne dalili" bai gama magana ba. Dole in tambaya: su wa suka tafi, mene ne matsayinsu a daular da ta faɗi, me suka rasa? Zan kuma haɗa batun Mahadi da kyau. Na ambaci Muhammadu Ahmad na Sudan da da'awar da ya yi a 1881 cewa shi ne Mahadi, na ambaci Hayatu ɗan Sa'idu da ya yi masa mubaya'a daga Adamawa, amma na bar su tsaye kamar baƙi a zaure. Abin lura shi ne, lokacin da jama'ar Mai Wurno suka iso, daular Mahadiyya ta riga ta faɗi a Karari tun 1898. Sun gudu daga Ingilishi sun tarar da Ingilishi. Wannan shi ne wurin da ya kamata in tsaya in yi tunani, ni kuwa layi ɗaya na ba shi.

Fasali na uku sabo zan gina shi, shafi takwas, kuma shi ne zuciyar gyaran. Littattafan nan huɗu na karanta su, sai dai na jera su ne kamar masu gaisuwa. Yanzu zan zaunar da su su fuskanci juna. Umar al-Naƙar, a littafinsa na 1972, ya bi al'adar hajji a Afirka ta Yamma ta hanyar rubuce-rubucen malamai da sarakuna. Ƙarfinsa ke nan, iyakarsa kuma ke nan, domin talakan da ya tsinci auduga bai bar risala ba. Birks a 1978 ya bi mahajjatan ƙasa na zamaninsa, ya nuna yadda tafiya da neman kuɗi suke cuɗanya. Duffield ya zauna a garin Mai Wurno kansa, a littafinsa na 1981 kuma ya kalli al'amarin ta fuskar ƙasa da ƙwadago da jari. Bawa Yamba a 1995 ya ɗauki maganar mutanen da muhimmanci, cewa har waɗanda aka haifa a Sudan suna ɗaukar kansu matafiya ne a kan hanyar Makka. Duffield ya fi gamsar da ni kan abin da ya zaunar da su, Yamba ya fi shi kan yadda suke fahimtar zaman. Amma zan yi wa Yamba tambaya: mutum ya ce shi mahajjaci ne, shin hakan bayanin zuciyarsa ne kawai, ko kuma har da amsar da yake ba maƙwabcin da ke kiransa Fallata yana tuna masa cewa shi baƙo ne? Zan yi wa Duffield tawa: idan gona ce duka labarin, me ya sa tsoho yake sayar da ita ya haye Bahar Maliya da zarar ya sami hali?

Ga samfurin yadda nake so salon ya canza. A shafi na 14 na rubuta: "A shekarar 1925 aka kammala madatsar Sinnar, aka buɗe aikin Jazira, mutanen yamma da yawa suka yi aiki a gonakin auduga." Zai koma: "Buɗe aikin Jazira a 1925 ya sauya ma'anar tsayawa a hanya. A da matafiyi yana tsayawa damina ɗaya ya wuce. Yanzu ga aiki na kowace shekara da hukuma mai son ya zauna. Sai dai wannan ba zai bayyana zaman jama'ar Mai Wurno ba, domin sun riga madatsar sauka da kusan shekara ashirin. Ke nan ba hijira ɗaya ba ce, biyu ce ko fiye, kowace da dalilinta." Da na rubuta wannan sai na ga wani ramin: na haɗa Fulanin gidan sarauta da Hausawa manoma da Barebari duk a ƙarƙashin suna ɗaya. Zan raba su tun daga muƙaddima.

Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini hannu, gara in faɗa maka. Mun tashi ba a ce wa malami "ka yi kuskure". Ina ganin sunan babban marubuci sai in ji kunyar sa baki. Amma da na tuna darasin fiƙihu sai na ga ai kullum muna yi: a kawo ƙaulin Malik da na Shafi'i, a kawo dalilin kowa, a yi tarjihi, ba wanda ya ce an raina imami. Abin da Dakta yake nema ke nan a tarihi. Duk inda na kawo maganar marubuci zan bi ta da abu uku: da me ya kafa hujja, me bai gani ba daga inda yake tsaye, ni kuma ina na karkata.

Wanda ya fi mini nauyi shi ne labarin kakata, Allah ya ji ƙanta. Na kawo shi a shafi na 17 a matsayin hujja cewa mahaifinta ya zauna ne don guzuri ya ƙare. Ba zan cire shi ba. Amma zan faɗi gaskiyar matsayinsa: riwaya ce ta 'ya game da ubanta, ta ji tana ƙarama, ta ba ni bayan shekaru masu yawa, kuma gidanmu yana son wannan sigar domin tana kare niyyarsa. Wannan bai sa ta zama ƙarya ba, ya sa ta zama shaida kan yadda iyali suke tuna zamansu. Zan kuma rubuta a muƙaddima cewa ban kai ga takardun Darul Wasa'iƙ, gidan adana takardun tarihi na Khartum, ba saboda yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, don haka abin da na faɗa game da manufar Turawa na ɗauko shi ne daga waɗanda suka karanta takardun.

Lokaci kuwa ga yadda na raba shi. Daga gobe zuwa 4 ga Sha'aban: sake karanta Duffield da Yamba, kowane da takarda guda mai ɗauke da da'awarsa da hujjarsa da inda na tsaya. Daga 5 zuwa 12: fasali na uku, sannan na biyu. Ranar 13 da 14: yanke fasali na farko. Muƙaddima da hatima sai a ƙarshe, hamishi da maraji'i ranar 18. Ranar Lahadi mai zuwa zan je ofishin Dakta da shafi ɗaya tak, tambayar da amsarta, in ji ko sun tsaya kafin in zuba musu shafi ashirin.

Abin da nake roƙonka: ranar 15 zan kawo maka fasali na uku bayan isha'i, mu haɗu a harabar Masallacin Annabi ta wajen Babus Salam. Kada ka gyara mini Larabci, wannan akwai mai yi. Duk inda ka ga na koma ba da labari, ka rubuta "don me?" a gefe, kuma ka zo mini da hujja mafi ƙarfi da ka sani a kan cewa addini shi kaɗai ya zaunar da su.