Wa za ku fara gani? Tambayoyin bita ga 'yan ajin ƙarshe

Ga tambayoyi uku irin waɗanda za ku tarar a jarrabawar Hukumar Nas-nas da Ungozomai ta Najeriya. Ku rufe amsa da hannu, kowa ya fara zaɓar tasa.

Tambaya ta 1. Kun karɓi aikin dare a ɗakin maza, ƙarfe 8, lokacin hunturu, ƙura ta lulluɓe Kaduna. Wa za ku fara gani?

A. Dattijo mai shekara 68, mai ciwon suga. Na'ura ta nuna 210 mg/dL, yana zaune yana hira da jikansa.
B. Saurayi mai sikila, yana ta salati saboda ciwon baya da ƙafa. Numfashinsa 18 a minti.
C. Magidanci mai asma. Tun la'asar ƙirjinsa ke kuka, yanzu ya yi tsit, ba ya iya ƙarasa magana, sai gyangyaɗi.
D. Ɗan acaɓa da ya karye a Kawo, an sallame shi, 'yan'uwa sun tsaya a kanku suna jiran takarda.

Amsa: C.

Bara, amsar B yawancin 'yan ajin suka zaɓa, kuma ban ga laifin tausayinsu ba. Amma wanda ke da ƙarfin ihu, iska na shiga tana fita. Shirun mai asma ba sauƙi ba ne: hanyoyin huhu sun tsuke har iskar da za ta yi kukan ma ba ta wucewa, gyangyaɗin kuma alama ce ta gajiya da ƙarancin iska. Ku zaunar da shi, ku sa masa oksijin, a kira likita nan take. Daga shi sai mai sikila, don ciwonsa ba na ajiyewa ba ne. Da a ce shi ma ya fara ciwon ƙirji da haki, da lissafin ya sake. Sugan dattijo ya hau, amma ba sabon abu ba ne gare shi. Masu jiran takarda kuwa, a ba su haƙuri.

Ga jerin da nake so ya zauna muku. Da farko, hanyar iska a buɗe take? Sannan numfashi, sannan jini: bugunsa, awonsa, ko yana zuba. Bayan haka sai hankalin mara lafiya. In biyu sun yi kunnen doki, ku tambayi kanku: wanne ne sabo, wanne ne tsohon ciwo? Wanne ake sa ran gani a wannan cutar, wanne ne baƙo?

Tambaya ta 2. Ɗakin tiyata na mata, ke da ɗaliba ɗaya.

A. An cire mata maƙoƙo awa 6 da suka wuce. Wuyan ya kumbura, in ta ja numfashi sai ka ji wata ƙara siririya.
B. Mai ciwon suga, an yi mata allurar insulin ba ta ci abinci ba. Tana gumi, hannu na rawa, na'ura ta nuna 55 mg/dL, amma tana amsa magana.
C. An yi mata aikin afendis jiya, zafin jikinta 37.8.
D. Mai tsohon hawan jini, awonta 160/95, ba ta kuka da komai.

Amsa: A.

Wannan ita ce mai tarko, domin A da B duk gaggawa ne. Suga in ya sauka ƙasa da 70 abin tashi tsaye ne. Sai dai B tana cikin hayyacinta, tana iya haɗiya, don haka za ki ce wa ɗalibar: "Ba Hajiya ruwa da sukari yanzu, ki sake awo bayan minti 15." Wannan aiki ne da ake iya miƙawa. Na A ba ya miƙuwa. Mai yiwuwa jini ne ke taruwa a ƙarƙashin ɗinki yana danne maƙogwaro, kuma mintoci kaɗan sun isa ya rufe shi ruf. Ki tsaya a kanta, ki ɗaga kan gado, oksijin, a ɗauko likitan tiyata da gudu, kayan kwance ɗinki na kusa. (Shi ya sa muke nacewa a ajiye su gefen gadon duk wadda aka yi wa wannan aikin.)

Tambaya ta 3. Ɗakin haihuwa. Ga mai naƙudar fari tana kiran sunan mahaifiyarta, bugun zuciyar jaririnta 140. Ga wadda ta sauka minti 40 da suka wuce, zanenta ya jiƙe sharkaf, mahaifa ta yi taushi, bugun jininta 118. Ga kuma mai jego da jaririnta ya ƙi kama nono.

A nan babu mai matsalar iska ko numfashi, sai ku gangara kan jini: ta biyu. Zubar da ta kai mililita 500 bayan haihuwa ta zama abin tsoro, kuma kada ku jira awon jini ya faɗi, bugun ne ke fara tona asiri. Hannu a kan mara ana murza mahaifa, baki na kiran taimako.

Ranar Litinin kowa ya zo da jerin matakan da zai ɗauka wa wannan matar a minti 10 na farko, a rubuce.