Amsa ga Yaya Babba kan kuɗin rufin gidan Funtuwa

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kana lafiya, ya su Anti da yara?

Ɗazu bayan la'asar Auta ya turo mini hoton saƙon da ka saka a zauren zumunci na WhatsApp, tunda ba a mayar da ni ciki ba tun da na canza layi. Na ga ka ce kowa ya tura naira 80,000 kafin Juma'a don sauya rufin gidan marigayi Baba, wanda bai tura ba za a rubuta sunansa a zaure a san marasa kishin gida.

Yaya, aikin nan ina goyon bayansa. Da idona na ga robobin da Inna ta jera a tsakar ɗaki da daminar bara, ga silin ya yi baƙi ya lotso ta saitin gadonta. Ba mai ganin wannan ya ce a jira.

Amma ba zan tura kuɗi ranar Juma'a ba, kuma gara in faɗa maka da bakina. A zaman da muka yi washegarin ƙaramar sallah, an tsaya a kan cewa kafinta zai rubuto lissafi kowa ya gani: bandir nawa na kwano, katako nawa, ƙusa, kuɗin aiki. An kuma ce za a buɗe asusun da mutum biyu za su riƙa sa hannu. Lambar da na gani a hoton ta asusunka ce kai kaɗai, lissafin kuwa ban ga ko layi ɗaya ba. Naira 40,000 da kowannenmu ya bayar na katanga ma har yau ba a karanta mana yadda aka kashe ba. Wallahi ba zarginka nake yi ba, na san ɗawainiyar da kake sha. Mu goma sha ɗaya ne, ɗakuna uku, kuma rubutaccen lissafi kai zai fara karewa daga surutu.

Maganar rubuta sunaye ce ta fi sosa mini rai. Ƙanwarmu ta Kaduna wata biyu ke nan da fita takaba, marayu huɗu a gabanta. Ina za ta samo 80,000 cikin kwana uku? Don Allah a janye wannan magana, a kuma cire ta daga rabon. Na ɗauki 10,000 daga cikin nata.

Nawa kason zan biya shi kashi biyu: rabi ranar da lissafi ya fito aka buɗe asusun, rabi ƙarshen Fabrairu bayan na gama da kuɗin makarantar yara. Yanzu muna Janairu, ruwa sai wajen Mayu, kafinta zai samu isasshen lokaci.

A sa Auta ya mayar da ni zauren, ko kuma ka tura wannan saƙon can yadda yake. Zan kira ka bayan isha'i in sha Allah. A gaida Inna.

Ƙanwarka,
Maman Khalifa